Daga Bakin Shaida zuwa Takarda: Buhu 300 ko 280?

Ranar da Alhaji ya kawo shi ofishinmu, dattijon ya tsaya a bakin ƙofa yana neman inda zai tuɓe takalmi. Shekarunsa za su haura hamsin, kuma fiye da rabinsu ya yi su ne a kasuwar hatsi ta Dawanau, yana raka kayan Alhaji duk inda aka sayar. Bai yi boko ba, amma yana rubuta ajami tsaf. Alhaji ya nuna shi ya ce, "Barista, ga shaidarka nan. Komai a gabansa aka yi. Ka rubuta kawai ya dangwala."

Ba zan faɗi sunan kowa ba. Maganar dai ta masara ce. Alhaji ya sayar wa wani kamfanin abincin kaji masara a kan naira 28,000 kowane buhu, an biya shi naira miliyan 5 ta banki, saura kuma aka yi ta yi masa gobe-jibi har shekara ta zagayo. A lissafin Alhaji buhu 300 ne, wato naira miliyan 8 da dubu 400, saboda haka yana bin miliyan 3 da dubu 400. A cikin fayil ɗin da ya kawo kuwa akwai takardar rakiyar kaya, wadda direbobi ke kira webil, kuma abin da ke jikinta buhu 280 ne, da kwanan wata 5 ga Mayu, 2023.

Wannan "ka rubuta kawai ya dangwala" ta kayar da shari'u masu yawa waɗanda masu su ke da gaskiya.

A da, shaida yakan shiga akwatin shaida ne, lauyan da ya kira shi ya riƙa yi masa tambaya yana amsawa, alƙali yana rubutawa da hannu. Tun da Babbar Kotun Jihar Legas ta fito da sababbin ƙa'idojinta a 2004, sauran manyan kotuna kuma suka bi sahu, abin ya canza a shari'un da ba na laifi ba. Yanzu tun ranar shigar da ƙara ake haɗawa da rubutaccen bayanin kowane shaida, wanda ya yi rantsuwa a kansa, da kwafin takardun da za a dogara da su. Ranar zama, shaida zai tashi ne kawai a nuna masa takardar, ya ce tasa ce, yana so kotu ta ɗauke ta a matsayin shaidarsa. Minti biyar an gama. Daga nan sai a miƙa shi ga lauyan ɗaya ɓangaren, wanda ya yi watanni da takardar a hannunsa yana neman kafar da zai zura yatsa. Kotunan shari'ar Musulunci da yawanmu muka saba da su ba haka suke ba, can baki da baki ake yi, da Hausa. Amma a babbar kotu da kotun ƙararrakin zaɓe, takardar nan ita ce bakin mutum, kuma da Turanci take, domin shi ne harshen kotun.

To, ka ga inda gizo ke saƙar. Mutum ya ga abu da idonsa, ya ba da labari da Hausa, wani ya rubuta da Turanci, sannan a tsare shi a gaban alƙali ya kare kowace kalma.

Abu na farko da na yi shi ne na roƙi Alhaji ya koma mota ya jira. Bai ji daɗi ba. Amma yaro ba ya gyara wa ubangidansa zance a gabansa, ko da kuwa yaron ya yi furfura. Duk abin da Alhaji ya faɗa, "haka ne" zai ce. Na biyu, na rufe fayil ɗin na tura shi gefe. Na ce, "Baba, ba ni labarin ranar da kuka kai masarar nan, tun daga fitowarka gida." Sai na yi shiru.

Shirun nan aiki ne, kuma ya fi tambaya wuya. Labarin mutanenmu ba ya tafiya a miƙe. Ya fara da ciwon ƙafar direba, ya koma kan wani ciniki na gero da aka yi da kamfanin shekara biyu kafin nan, ya dawo kan 'yan dako da suka nemi ƙari. Na bar shi, ina rubuta kalmominsa da Hausa yadda suka fito. A cikin wannan kewaye-kewayen ne ya faɗi abubuwa uku da na ja wa layi: an yi abin "bayan Sallah da kamar mako biyu", sun loda "buhu ɗari uku cif", kuma "manaja ya sa hannu ya karɓa".

Me ya sa ban fara nuna masa webil ɗin ba? Domin tunanin mutum kamar jiƙaƙƙiyar laka yake, abin da ka danna a kai shi zai fito. Da na ce, "Baba, buhu 280 kuka kai ranar 5 ga Mayu, ko?" zai ce e, don ganin girman takarda da na lauya. Bayan mako guda shi da kansa zai rantse cewa ya tuna hakan, kuma ba ƙarya yake yi ba, tunanin ne ya sauya. Alƙalan Ingila sun daɗe da lura da wannan. A wata shari'ar kasuwanci ta 2013, Mai Shari'a Leggatt ya yi bayanin cewa shirye-shiryen shari'a da kansu, musamman zaman rubuta bayani da lauya da maimaita karanta takardu, suna sake gina abin da shaida yake zaton ya tuna. Daga Afrilun 2021 kotunan kasuwanci na can suka wajabta a lissafa takardun da aka nuna wa shaida lokacin shirya bayaninsa, kuma a guji tambayar da ke ɗauke da amsarta. Dokarsu ce, ba ta hau kanmu ba, amma ƙwaƙwalwar ɗan Adam ɗaya ce a Landan da Dawanau.

Da ya gama, sai muka koma kan layukan nan uku, ɗaya bayan ɗaya.

Wace Sallah? A 2023 an yi Ƙaramar Sallah ranar Juma'a 21 ga Afrilu, Babbar Sallah kuma ranar Laraba 28 ga Yuni. Mako biyu bayan ta farko ya faɗa daidai kan 5 ga Mayu. Mako biyu bayan ta biyu kuwa ya kai mu tsakiyar Yuli, wata biyu da ɗoriya nesa da webil. Da na tambaye shi, sai ya yi jim, ya ce shi dai yana ga kamar ta layya ce, amma ba zai rantse ba. A nan ne mai gaggawa yake zaɓa masa. Ni kuwa sai na tambaye shi abin da ba shi da alaƙa da Sallah: da me ya zo kasuwa ran nan? Ya ce da mashin ɗinsa. Har yanzu yana hawa? Ya yi dariya ya ce ai tun da mai ya tashi ya jingine shi a zaure, ya koma hawan keken ɗansa. An sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500. Ban faɗa masa wannan ba. Shi da kansa ya ɗaga kai ya ce, "Af, to ai ƙaramar ce, Barista. Lokacin layya a ƙasa na je Idi."

Mutanenmu ba sa riƙe kwanan wata, amma suna riƙe abin da ya fi shi ƙarfi: azumi, saukar damina, ranar kasuwa, sunan jariri, rasuwar maƙwabci, lokacin wahalar sababbin kuɗi. Aikin mai rubutu shi ne ya nemo turken da mutumin ya ɗaure abin a jikinsa, ya rubuta turken a cikin bayanin. Saboda haka ban rubuta "ranar 5 ga Mayu, 2023" a bakinsa ba, don bai san wannan ranar ba, kuma tambaya ɗaya za ta tona hakan. Abin da na rubuta shi ne: ban riƙe kwanan wata ba, na san bayan Ƙaramar Sallah ne da kamar mako biyu, domin a lokacin ina hawa mashin ɗina, kafin kuɗin mai ya tashi in ajiye shi. Webil zai faɗi ranarsa da bakinsa. Shaidu biyu da suka zo ta hanya daban suka haɗu a wuri ɗaya sun fi mutum ɗaya da ya haddace takarda.

Sai maganar buhu. A nan na fi daɗewa, don a nan kuɗin yake. Ban ce masa takarda ta saɓa masa ba. Na ce, wa ya ƙirga? Ya ce shi, a wurin lodi, kuma ya rubuta. Ya zura hannu a aljihun 'yar-shara ya zaro wani ƙaramin littafi da ya sha jiki, bangonsa ya yi laushi don gumi. Ya buɗe, ga shi nan da ajami: masara, ɗari uku, da sunan kamfanin. A ƙasan layin akwai wata 'yar kalma da lamba. Na ce wannan fa? Ya kanne ido ya duba, ya ce, "Wannan ai waɗanda suka dawo ne. Ashirin." Ashe da aka je saukewa, mai kula da siton kamfanin ya soka bututun ɗiban hatsi a buhunan, ya ware ashirin ya ce da danshi, aka mayar da su mota, aka dawo da su Dawanau. Me ya sa bai faɗa ba tun farko? "Ai ba ka tambaye ni abin da aka sauke ba. Abin da muka loda na gaya maka."

Gaskiyarsa. Shi da webil duk daidai suke, kowa abin da ya ƙirga daban. Yawancin saɓanin da ke tsakanin baki da takarda irin wannan ne: ɗaya yana maganar lodi ɗaya yana maganar sauki, ɗaya yana maganar ranar ciniki ɗaya ranar biya, ɗaya ya haɗa da la'ada ɗaya bai haɗa ba. Wani lokacin ma ma'aunin ne ya bambanta. Dattijon da ya ce maka "jaka goma" a Kano naira 2,000 yake nufi, amma in daga Maraɗi ya zo, jaka ɗaya sefa 1,000 ce. Wanda ya rubuta lamba bai tambayi ma'auni ba ya haƙa wa shaidarsa rami.

Akwai hanyoyi biyu na ɓata wannan wuri, kuma na ga an bi kowacce. Ta farko, a rubuta 300 yadda Alhaji yake so, a yi fatan kada a lura da webil. Za a lura. Ta biyu ta fi kama da wayo: a goge 300 a rubuta 280 shiru, don bayani ya dace da takarda. Sai ranar zama lauyan kamfani ya ce, "Malam, buhu nawa kuka loda?" Dattijo ya ce ɗari uku, don ita ce gaskiyar da ya sani. "To, me ya sa ka rantse a kan 280?" Shi ke nan, mai gaskiya ya zama maƙaryaci a idon alƙali, kuma lauyansa ne ya mayar da shi haka. Daidaita bayani da takardu ba lanƙwasa tunanin mutum ba ne har ya shiga ramin takarda. Nemo duk inda suka saɓa ne tun a ofis, a gano dalili, a rubuta dalilin da bakin shaidar. Sakin layin ya fito kamar haka: mun loda buhu 300 a Dawanau, ni na ƙirga na rubuta a littafina, a kamfanin mai kula da sito ya ware 20 ya ce suna da danshi, aka sauke 280, muka koma da 20.

Wannan ya rage wa Alhaji naira 560,000 daga abin da yake nema. Da na kira shi na gaya masa, ya yi faɗa, ya ce shi bai tuna an dawo da komai ba. Mai yiwuwa ne, mutumin da ke juya tirela goma a mako. Amma ƙarar da muka shigar ta miliyan 2 da dubu 840 ce, kuma ita ce wadda takardunsa da shaidarsa za su iya ɗauka. Littafin ajamin ma mun sa shi cikin takardun da za mu gabatar, tare da fassararsa, domin babbar kotu ba ta aiki da takardar da ba a mayar da ita Turanci ba.

Layi na uku shi ne ya fi haɗari, don ba ya kama da matsala. "Manaja ya sa hannu ya karɓa." Kamfanin yana cewa bai san wanda ya sa hannu a webil ɗin ba, saboda haka wannan jimlar zinariya ce a wurinmu. Na ce, "Baba, kana ina lokacin da ya sa hannun?" Ya ce yana gindin mota yana lura da 'yan dako. To, wa ya ga an sa hannun? Direba ne ya shiga ofis da takardar, ya fito da ita da sa hannu da hatimi, ya ce manaja ne ya sa. Ka taɓa ganin manajan? Sau ɗaya, daga nesa.

Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 126, ta ce shaidar baka dole ta zama kai tsaye: in abin gani ne, wanda ya gani, in abin ji ne, wanda ya ji. Sashe na 37 da na 38 kuma sun hana shaidar ji-ta-ji-ta, sai a wuraren da doka ta keɓe. Hausa tana da kirki a nan, don tana da alamominta. Duk inda ka ji "wai", ko "an ce", ko "ashe", ka san mai maganar ba ganau ba ne. Matsalar ita ce waɗannan ƙananan kalmomin su ne suke fara zubewa a hanyar zuwa Turanci. Haka ma "an": "an ba shi kuɗin" ba ta faɗi wanda ya bayar ba, amma mai fassara da gaggawa sai ya ɗora wa wani. "Mun kai" takan koma "na kai". "Yarona" takan koma ɗan cikinsa, alhali yaron shago ake nufi. "Ya karɓa" tana iya zama ya amsa da hannu, tana iya zama ya amince da ingancin kaya, kuma a shari'ar ciniki tsakanin waɗannan biyun akwai miliyoyi. Tambayar da ba na gajiya da ita ita ce: da idonka, ko gaya maka aka yi?

Saboda haka zinariyar ta fita daga bayanin dattijo. Abin da ya rage shi ne abin da ya gani: direba ya shiga ofis da takarda babu sa hannu, ya fito da ita da sa hannu da hatimi. Muka nemo direban, ya ba da nasa bayanin daban, a rana daban. Ban karanta wa ɗayansu na ɗan'uwansa ba. Alƙalai sun san bayanan da aka buga a injin ɗaya: shaidu goma, kalma ɗaya, har kuskuren rubutu ɗaya, sunaye kawai aka canza. An fi ganin wannan a ƙararrakin zaɓe, inda kwana 21 kacal doka ta bayar a shigar da ƙara da bayanan shaidu, lauyoyi kuma suna fama da wakilan rumfuna ɗari-ɗari. Mutum biyu ba sa ganin abu ɗaya su faɗe shi da kalma ɗaya, ko da a hatsarin mota ne a gabansu.

Abu ɗaya ya ƙi daidaituwa. 5 ga Mayu, 2023 Juma'a ce, dattijo kuwa ya dage cewa ba ranar Juma'a ba ce, don da zai tuna inda ya yi salla. Na juya tambayar ta kowace fuska da ba za ta sa masa amsa a baki ba. Ko an loda ran Alhamis aka kwana? Bai tuna ba. Ko an rubuta takardar washegari? Bai sani ba. Sai muka bar shi yadda yake: an karanta mini webil, an ce ranar da ke jiki Juma'a ce, ni a tunanina ba Juma'a ba ce, amma ban riƙe ranar ba, kuma ban san lokacin da aka rubuta kwanan watan ba. Wani abokin aikina ya ce in cire, tunda ba dole ba ne. Na bar shi saboda na san dattijon zai faɗe shi a kotu ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma gara alƙali ya fara ganinsa daga wurinmu.

Sai rubutun kansa. Gajerun sakin layi masu lamba, kowanne da magana ɗaya, a jere yadda abin ya faru, ba yadda aka ba da labarin ba. Ciwon ƙafar direba da cinikin gero duk suka fita. Wannan shi ne iyakar gyaran da mai rubutu yake da iko da shi: ya tsara, ya rage abin da bai shafi shari'a ba, ya warware inda magana ta harɗe. Ba shi da ikon ƙara abin da ba a faɗa ba, ko ya canza ƙarfin magana, ya mayar da "ina ga" ta zama "na tabbata". Kuma ba a sa wa ɗan rakiyar kaya maganar lauyoyi a baki. Na sha ganin bayanin manomi yana cewa wanda ake ƙara "ya karya sharuɗɗan kwantiragi da gangan kuma ba bisa ƙa'ida ba". Wannan hujjar lauya ce, wurinta jawabin ƙarshe. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in aka tsayar da shaida a kan kowace jimla aka ce "me kake nufi da wannan?", zai iya amsawa ba tare da ya waiwayo ni ba? In ba zai iya ba, jimlar tawa ce, ba tasa ba.

Na rubuta na Hausa tukuna, sannan aka fassara. Dalilina shari'ar Gundiri da Nyako ce, wadda ta taso daga zaɓen gwamnan Adamawa na 2012. A can, shaidu da dama na masu ƙara sun faɗa da bakinsu cewa da Hausa suka ba da bayaninsu, abin da ke gaban kotu kuwa na Turanci ne, ba a kawo na Hausar ba. Har Kotun Ƙoli aka je, kuma shaidar tasu ba ta tsaya ba. Tun daga nan mai hankali yake ajiye biyun, ya haɗa su. A ƙarshen takardar kuma akwai abin da lauyoyi ke kira jurat, wanda sashe na 119 na Dokar Shaida ya yi magana a kansa game da wanda bai iya karatu ba ko makaho: 'yan layuka da ke nuna an karanta masa, an fassara masa da harshen da yake ji, ya nuna ya fahimta kafin ya sa hannu, tafinta ma ya sa sunansa da hannunsa. Mutumin da ke rubuta ajami ba jahili ba ne, amma game da takardar Turanci doka tana ba shi wannan kariyar, kuma ya kamata a ba shi.

Karantawar ba al'ada ba ce kawai. Tafinta ya karanta masa layi-layi, ni kuma na ce duk inda ya ji ba haka ya faɗa ba ya tsayar da mu. Ya tsayar da mu sau biyu. Na farko, na rubuta cewa shi ya ƙirga buhunan a wurin saukewa, ya ce a'a, mai sito ne ya ƙirga da ƙarfi, shi yana bi da ido. Na biyu, na rubuta "da safe", ya ce da hantsi ne, rana ta ɗaga. Shaidar da bai gyara maka komai ba a shafi uku, ka yi zargin bai saurara ba ne, ko kunyarka yake ji. Na kuma gaya masa, ba don tsoratarwa ba, cewa rantsuwar nan ta gaske ce: a Final Kod, shaidar zur a gaban kotu tana iya kai mutum ɗaurin shekara 14. Ya ce shi wadda ta fi wannan yake tsoro.

Daga nan sai tafiya harabar kotu, wurin kwamishinan rantsuwa, shi da ƙafarsa. Ba a ofishin lauya ake sa hannu a aika yaro ya buga hatimi ba, ko da yake ana yi, kuma lauyoyin hamayya sun san ana yi. Shi ya sa tambayarsu ta farko sau da yawa ita ce, "A ina ka sa hannu a takardar nan?" Amsar "a ofishin lauyana" ta isa ta jefa bayanin cikin rigima. Sashe na 112 ya hana karɓar rantsuwar da aka yi a gaban lauyan mai shari'ar. A ƙarar da Muhammadu Buhari ya kai kan zaɓen shugaban ƙasa na 2007, an zubar da bayanan shaidunsa masu yawa domin an rantsar da su ne a gaban ɗaya daga cikin lauyoyinsa, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hakan a 2008.

Sai da aka yi wata bakwai kafin a kira shi. Kwana biyu kafin zama na sa aka sake karanta masa bayaninsa, wanda halal ne, ban kuma gaya masa abin da zai amsa ba, wanda haram ne. Lauyan kamfanin ya miƙe da webil a hannu, ta bakin tafintan kotu ya ce, "Ubangidanka ya rubuta wa kamfani wasiƙa yana neman kuɗin buhu 300. Kai ka ce 280. Waye maƙaryaci a cikinku?"

Dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗari uku muka loda, ɗari biyu da tamanin muka sauke. Alhaji bai je ba, ni na je."

"Ka ga manaja ya sa hannu?"

"Ban gani ba. Direba ne ya shiga."

"Ranar Juma'a ce ko ba Juma'a ba?"

"Takarda ta ce Juma'a. Ni ban tuna haka ba. Na gaya wa Barista, ya rubuta."

Lauyan ya duba sakin layi na 9, ya ga haka ne, ya juya shafi. Bai kai minti ashirin ba ya zauna. Da muka fito, dattijon ya tambaye ni ko yanzu kotu za ta mayar masa da littafinsa, don akwai lissafin gero na wani mutum a shafin baya.